Alamomin Taƙaita Nema a Intanet: Misali daga Neman Takardu kan Damagaram

1. Gabatarwa

Ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin shirya littafin karatu domin manyan da suka gama ajin yaƙi da jahilci a jihar Damagaram yakan so ya sa musu tarihin ƙasarsu a ciki. A yau wurin da yakan fara dubawa shi ne injin nema na intanet, galibi Google. Idan ya rubuta sunan Damagaram kurum, abin da zai cika masa fuska shi ne labaran yau da kullum da tallace-tallace da shafukan da suka kwafi juna, alhali takardun binciken da yake bukata suna can ƙasa. Akwai alamomi uku da ke rage wannan wahala: ɗaya tana tilasta wa injin ya nemo jimla kamar yadda aka rubuta ta, ɗaya tana tsare shi a gida guda na intanet, ta uku kuma tana zaɓar irin takarda. Wannan maƙala za ta bi su ɗaya bayan ɗaya da misali guda, wato neman abin da aka rubuta kan Sarki Tanimun, wanda doguwar sarautarsa ta kama daga 1851 zuwa 1884, aka kuma kewaye Birni da ganuwa a zamaninsa.

2. Jimla tsakanin alamomin zance

Idan aka bar kalmomi haka nan, injin yakan ɗauke su a matsayin shawara. Yana iya musanya wata kalma da mai kama da ita, ko ya yar da wadda ya ga ba ta da yawa a ma'ajiyarsa, kuma kalmomin Hausa su ne suka fi shan wannan. Idan aka sa su tsakanin alamomin zance, dole shafin ya ƙunshi kalmomin nan a jere, ta farko kafin ta biyu.

```
"sultanat du Damagaram"
```

Abin da ya fi aminci shi ne a buga alamar zance miƙaƙƙiya, wadda ke kan maɓallin lamba 3 a allon rubutu na Faransanci, a cikin akwatin nema kansa. Wanda ya fara tsara tambayarsa a manhajar rubutu yana iya samun an mai da masa ita « », irin ta littattafan Faransanci.

Amfanin wannan alama shi ne kuma haɗarinta, domin sunan sarkin ba shi da rubutu ɗaya. Masu rubutu da Faransanci sukan sa Tanimoune, masu Ingilishi da Hausa sukan sa Tanimun ko Tanimu. Wanda ya tsare injin a kan rubutu ɗaya ya rufe wa kansa sauran. Maganin haka shi ne a jera su da kalmar OR, wadda dole a rubuta ta da manyan baƙaƙe, in ba haka ba injin ya ɗauke ta kalma ce kamar sauran.

```
Zinder "Tanimoune" OR "Tanimun" OR "Tanimu"
```

Haka sunan harshen kansa yake: haoussa a yawancin takardun Faransanci, hausa a na Ingilishi da na hukuma na baya-bayan nan, hawsa a wasu takardun masana harshe. Kowace tambaya da ta ƙunshi sunan harshen tana bukatar ukun.

3. Matsalar baƙaƙe masu lanƙwasa

A nan ne binciken Hausa ya bambanta da na Faransanci. A tsarin Yunikod, wanda na'urori ke amfani da shi wajen lissafa baƙaƙe, ana iya raba é gida biyu, wato e da alamar da ke kanta. Saboda haka injin nema yana da hanya mai sauƙi ta haɗa kalma mai alama da marar alama. Amma ɗ da ƙ da ɓ da ƴ ba sa rabuwa haka. Kowannensu baƙi ne mai zaman kansa: lambar ɗ ita ce U+0257, ta d kuwa U+0064, kuma tsarin bai ce ɗaya ya samo asali daga ɗaya ba. Bai kamata mai bincike ya dogara ga injin ya haɗa masa su ba.

Tun taron Bamako na 1966 aka amince da baƙaƙe masu lanƙwasa wajen daidaita rubutun harsunan yankin, kuma ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 tana amfani da su. Duk da haka rubutun Hausa mai yawa da ke intanet ba shi da lanƙwasa, saboda allon rubutun da aka buga shi da shi ba ya ɗauke da su. Wasu kuma sun sa waƙafin sama a madadinta. Don haka jimla ɗaya tana da fuska uku:

```
"ƙasar Damagaram" OR "kasar Damagaram" OR "k'asar Damagaram"
```

Ga wani bambanci tsakanin ƙasashen biyu. Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya kuwa tana rubuta 'y. Injin yakan yi watsi da alamomin rubutu ko da a cikin alamomin zance, saboda haka wanda ya nemi 'ya a rubutun Nijeriya kusan daidai yake da wanda ya nemi ya, kalmar da babu shafin Hausa da ya rasa ta. Sai a haɗa ta da wata kalma, kamar a ce ƴaƴan sarki, a nemi jimlar ta fuskokinta duka.

4. Tsare nema a gida guda

Alamar `site:` tana gaya wa injin kada ya kawo komai sai daga adireshin da aka ba shi. Ba a barin fili tsakanin aya biyu da adireshin. Idan aka bari, alamar ta lalace, injin ya koma neman kalmar kamar kowace kalma. Ga mai neman Tanimun, gidaje biyu sun cancanci a fara da su. Na farko shi ne persee.fr, inda aka tara tsofaffin mujallun bincike na Faransa, har da Cahiers d'études africaines da Journal des africanistes. Na biyu shi ne ma'ajiyar cibiyar IRD, wadda ake kira ORSTOM kafin 1998, mai ɗauke da rahotanni masu yawa kan Nijar.

```
site:persee.fr Zinder "Tanimoune"
site:horizon.documentation.ird.fr "Damagaram"
```

Ana iya ba alamar ƙarshen adireshi na ƙasa gaba ɗaya, wato `site:.ne` domin Nijar ko `site:.ng` domin Nijeriya. Wannan yana da amfani wajen neman takardun ma'aikatu da jami'o'i, amma yana yaudarar wanda bai lura ba. Ƙarshen adireshi ba ya nuna inda aka rubuta takarda, yana nuna inda aka yi rajistar gidan ne kawai. Jaridu da ƙungiyoyin Nijar da yawa suna ƙarewa da .com ko .org, kuma babban rabo na abin da aka rubuta kan Damagaram yana ajiye a Faransa. Wanda ya ga amsa kaɗan a `site:.ne` ya ce ba a yi rubutu kan batun a Nijar ba, ya yanke hukunci kan abin da bai auna ba.

5. Zaɓar irin takarda

Kundayen digiri da rahotanni da littattafan koyarwa galibi ana ajiye su ne a siffar PDF. Alamar `filetype:` tana ware su daga shafukan labarai. Idan aka haɗa alamomin uku, tambayar takan zama haka:

```
site:horizon.documentation.ird.fr filetype:pdf Zinder "Tanimoune"
```

Siffar doc da ta docx daban-daban ne a wurin injin, saboda haka sai a nemi kowace da kanta.

Iyakar wannan alama tana cikin yadda aka yi takardar. PDF iri biyu ne: wanda aka fitar daga rubutun na'ura, da wanda aka ɗauki hoton shafukansa daga tsohon littafi. A na biyu, sai wata manhaja ta karanta hoton ta mai da shi baƙaƙe kafin a iya nema a ciki. Manhajar da aka saita kan Faransanci ba ta san ƙ da ɗ ba, sai ta ba su baƙin da ya fi kama da su a ganinta, wani lokaci k da d, wani lokaci abin da ba ya karantuwa. Littattafan yaƙi da jahilci da aka buga da keken rubutu, aka ƙara lanƙwasa da hannu, su ne suka fi lalacewa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a buɗe takardar, a kwafi layi ɗaya na Hausa, a manna shi a wani wuri. Abin da ya fito shi ne kusan abin da injin yake gani. Idan babu abin da ya kwafu, hoto ne zalla. Irin wannan takarda ana nemanta da sunanta ko da kalmomin Faransanci da ke bangonta, ba da jimlar Hausa da ke cikinta ba. Rubuce-rubucen ajami da aka ɗauki hotonsu kuwa, sai ta bayanin da ma'ajiyar ta rubuta a kansu.

6. Tsarin aiki

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jibga alamomin duka tun farko, a ga babu amsa, a rasa wadda ta jawo. Ya fi kyau a fara da faɗi, a riƙa ƙara alama ɗaya-ɗaya. Mai neman Tanimun zai fara da sunan da Zinder, ya karanta shafi ɗaya ko biyu na amsa, ya rubuta duk yadda ya ga an rubuta sunan. Sannan ya jera su da OR. Idan amsoshin Damagaram Takaya, wadda gunduma ce dabam a jihar, suka dame shi, zai iya cire su da `-Takaya`, yana sane da cewa duk takardar da ta ambaci wuraren biyu ita ma ta tafi. Bayan haka ya ƙara `filetype:pdf`, daga ƙarshe ya bi gidaje ɗaya-ɗaya da `site:`. Inda amsa ta ɓace, alamar da aka ƙara a ƙarshe ita ce za a cire a duba.

A wannan tafiya zai ga ana ta ambaton littafin André Salifou, Le Damagaram ou sultanat de Zinder au XIXe siècle, wanda ya fito a 1971 a jerin Études nigériennes. Idan ya sa sunan littafin tsakanin alamomin zance, zai sami ayyukan da suka yi amfani da shi daga baya, kuma wannan hanya ce mai kyau ta gano sababbin bincike. Littafin kansa kuwa, samunsa ya fi tabbas a ɗakin karatu na cibiyar IRSH a Yamai, wadda ke buga jerin.

7. Kammalawa

Alamomin nan suna tace abin da injin ya riga ya tattara ne kawai. Gidaje irin su gallica.bnf.fr suna da nasu akwatin nema, wanda ke shiga cikin shafukan da injin waje bai tattara duka ba, saboda haka bayan `site:` ya nuna cewa gida yana da kaya, sai a shiga a yi nema daga ciki. Adadin amsa da injin ke nunawa kuma kintace ne, yana canzawa daga rana zuwa rana. Bai isa hujjar cewa wani rubutun kalma ya fi wani yawa ba, balle a kafa ƙa'idar rubutu a kansa. Duk wanda zai ambaci sakamakon nema a rahoto, ya rubuta tambayar daidai yadda ya buga ta, da sunan injin, da ranar da ya yi neman, domin wani ya iya maimaitawa.