Yadda gyararriyar dabarar simfileks ke rage wahalar lissafi

A shekarar 1947 George Dantzig ya fito da dabarar simfileks a Amurka, don warware tambayar da ke damun kowane mai sana'a: kayan aiki ƙayyadaddu ne, to me za a ƙera, kuma guda nawa, don riba ta fi yawa? A tsohon salonta, ana zuba duk alƙaluman a babban jadawali guda, a sake lissafa kowane gurbi a duk mataki. Idan sharuɗɗa 100 ne, kayayyaki kuma 10,000, gurabe miliyan guda ke nan, alhali akasarinsu ba wanda zai dube su. A farkon shekarun 1950, Dantzig da William Orchard-Hays a cibiyar RAND suka gyara salon domin kwamfutocin lokacin, waɗanda ma'ajiyarsu ba ta taka kara ta karya ba.

Mu ɗauki misalin kafinta mai falanki 100 da awa 80 na aiki a mako. Tebur yana cin falanki 3 da awa 2, ribarsa naira 12,000. Kujera tana cin falanki 1 da awa 1, ribarta 5,000. Tunda sharuɗɗa biyu ne, kaya biyu kawai ake riƙewa a lokaci guda, su ne ake kira tushe. Alƙalumansu su ne ƙaramin jadawalin B, sai kuma juyayyensa, wanda ke mayar da lissafi baya, daga kayan da ke hannu zuwa adadin da za a ƙera:

```
B = 3  1      B⁻¹ =  1  -1
    2  1            -2   3
```

Idan aka buga juyayyen da 100 da 80, layin farko ya ba da tebur 20, na biyu ya ba da kujera 40. Riba ta kama 440,000.

Amfaninsa na biyu ya fi burge ni. Idan aka buga ribar tebur da ta kujera da wannan juyayyen, sai a ga darajar kowane kayan aiki a wannan tsari: falanki ɗaya yana jawo naira 2,000, awa ɗaya kuma 3,000. Da waɗannan farashi biyu kaɗai za a auna duk wani kaya da ke jiran shiga. Benci mai cin falanki 2 da awa 1 zai lashe kayan 7,000, ribarsa kuwa 6,000 ce, don haka sai a bar shi inda yake ba tare da an taɓa alƙalumansa ba. Kabad mai cin falanki 4 da awa 3 zai lashe 17,000, ya kawo 19,000. Rarar 2,000 ke nan, ya cancanci shiga.

Sai yanzu ake sarrafa alƙaluman kabad, shi kaɗai. Juyayyen ya nuna cewa kowane kabad zai ture tebur ɗaya da kujera ɗaya. Tebura 20 ne, kujeru 40, don haka tebur zai fara ƙarewa, shi ne zai fita daga tushe. Sabon tsari ya zama kabad 20 da kujera 20, riba ta hau zuwa 480,000. Juyayyen ma ba a sake shi daga farko. Ana cire layinsa na ɗaya daga na biyu, layin ya koma -3 da 4, a shiga zagaye na gaba.

A wancan babban misali, gurabe 10,000 kawai ake sabuntawa maimakon miliyan. Kuma a manyan matsaloli na gaske, irin na jigilar kaya ko tace mai, yawancin alƙaluman asali sifili ne, domin kowane kaya abubuwa kaɗan yake buƙata. Tsohon jadawali yakan cike waɗannan gurabe da lambobi bayan 'yan matakai, shi kuwa gyararren salo yana barin su yadda suke. Amma idan yawan kayayyaki bai wuce na sharuɗɗa sosai ba, kuma sifili ba su da yawa, sauƙin da ake samu kaɗan ne.

Inda matsala take shi ne kwamfuta tana datse wutsiyar lambobi, kuma kowane gyaran juyayyen yana ɗora kuskurensa kan na baya. Ana gane haka cikin sauƙi: a buga B na asali da amsar da ke hannu, a ga ko kayan sun dawo daidai. Idan falankin kafintanmu ya fito 100.3 maimakon 100, juyayyen ya gurɓata, dole a watsar da shi a gina sabo daga alƙaluman asali. Manhajoji sukan yi hakan lokaci-lokaci ko da ba su ga alama ba. Juyayyen kansa ma yakan cika da lambobi ko da B kusan fanko ne, shi ya sa manhajojin yau ba sa ajiye shi kai tsaye. Sukan raba B gida biyu, L da U, su riƙa gyara su ta hanyoyin da Bartels da Golub suka kawo a 1969, da kuma Forrest da Tomlin a 1972.