Rubutun da Ya Kamata Malami Ya Yi Kafin Ya Ɗauki Bidiyon Darasi

Malamin sakandaren da zai tura wa ɗaliban da ba su zo aji ba bidiyon darasi, ya fara zama ya rubuta abin da zai faɗa. A aji fuskar yara ke gaya masa an gane ko ba a gane ba. Waya kuwa ba ta ɗaga hannu, don haka shi zai hango inda yaro zai tuntuɓe.

Ga misali daga lissafi, 2x + 3 = 11. Rubutun ya buɗe da cewa, “Yara, ranar Talata mun koyi nemo x. Ku ɗauko biro da littafi.” Sai ya shiga aiki: “A cire 3 daga kowane ɓangare, saura 2x = 8. A raba kowane ɓangare da 2, x ya zama 4.”

Wajen cirewar nan ya kamata ya daɗe, domin nan yara ke faɗuwa. Da yawa sukan tsallakar da 3 ba su sauya alamarta ba, su samu 14, amsarsu ta fito 7. Ya rubuta kuskuren a fili, ya mayar da 7 cikin lissafin, su ga 17 ta fito maimakon 11. A ganina wannan ya fi ƙarin misalai amfani.

Daga nan ya ce, “Ku tsayar da bidiyon, ku gwada 3x + 2 = 14.” Minti uku ya isa, tunda galibi da wayar iyaye za a kalla, kuma data da tsada. Malam, karanta rubutun da ƙarfi kafin ɗauka. Duk jimlar da ta sarƙe maka harshe, raba ta biyu.