Wasiƙar Neman Ɗage Gurbin Karatu Idan Kuɗi Bai Cika Ba

Tun da darajar naira ta faɗi a watan Yunin 2023, ɗalibai da dama da suka samu gurbin digiri na biyu a Birtaniya suka wayi gari abin da suka tara ya gaza. Wasu sukan yi shiru har ranar rajista ta wuce, gurbin ya salwanta. Alhali akwai hanya: a rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai a nemi ɗage shiga zuwa baɗi.

Wasiƙar ba ta son tsawo. A fara da cikakken suna, lambar ɗalibi da ke kan takardar gurbin, sunan kwas, da watan da ake so a koma, wato daga Satumbar bana zuwa ta baɗi. Sai dalili.

A nan mutanenmu suke yawan tuntuɓe. Mun saba da roƙo, sai mutum ya cika shafi da "ku dubi girman Allah" da labarin wahalar gida. Ma'aikacin da zai karanta ba tausayi yake aunawa ba. So yake ya ga ko ɗalibin zai zo baɗi da gaske. A ce kuɗin makarantar fam 16,000 ne, ɗalibi ya biya kafin alƙalami na fam 3,000, yana da 6,000 a hannu. Ya faɗi hakan ƙarara: saura fam 7,000, zai haɗa su daga albashinsa da kuɗin filin da ya sa a kasuwa, yana sa ran cikawa kafin watan Mayu. Layi uku, amma sun fi shafi biyu na magiya nauyi.

Me ya sa Mayu? Domin biza tana buƙatar kuɗin makarantar da ya rage, haɗe da na zama, su kwana 28 a jere a banki. Wanda ya ce sai Satumba zai cika ya riga ya makara.

Kada a rufe wasiƙar ba a yi tambaya ba. Kafin alƙalamin zai bi gurbin zuwa baɗi? Ragin kuɗi ko tallafin da aka bayar fa? Sau da yawa na shekarar ne kawai, kuma sabon farashi ake cajin wanda ya ɗage. A duba sakamakon IELTS ma, shekara biyu yake yi. Lambar CAS kuwa wata shida ce, dole a nemi sabuwa.

Ba kowace jami'a ke karɓar rashin kuɗi a matsayin uzuri ba, kuma yawancin masu karɓa sau ɗaya suke ɗagewa. Saboda haka, mai karatu, karanta ƙa'idar jami'arka kafin ka rubuta, ka aika tun wa'adi bai cika ba, kuma kada ka saki jiki sai amsar amincewa ta zo maka a rubuce.