Ba Kullum Basir Ba Ne: Duba Ƙwayar Da Kike Sha

Ɗauki misalin amarya mai cikin wata huɗu. Ta je awo, an ba ta jajayen ƙwayoyin ƙarin jini, kullum ɗaya. Sati bai cika ba bayan gida ya ɗauke, sai ta kwana uku ba ta zaga ba, in ma ta zaga sai da yunƙuri, ga tauri, ga shi baƙi ƙirin. Ta faɗa wa ƙawayenta, kowa ta ce basir ne, a nemo jiƙo. Alhali matsalar na cikin jakarta.

Ƙwayar feros salfet mai miligiram 200 tana ɗauke da sinadarin ƙarfe wajen miligiram 65, kuma kaɗan jiki ke tsotsa. Ragowar na wucewa cikin hanji, shi ke baƙanta bayan gida, ga wasu kuma ya busar da shi. Shi kansa juna biyun yana rage motsin hanji, sai abin ya haɗu mata biyu.

Yadda za ki gane: yaushe abin ya fara? In bayan soma ƙwayar ne da 'yan kwanaki, to ga mai laifi nan. Baƙin kawai ba abin tsoro ba ne. Amma in ya zo da danƙo kamar kwalta da mugun wari, ko jini, ko amai da kumburin ciki har tusa ta ƙi fita, asibiti kai tsaye.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jefar da ƙwayar a yi shiru. Ƙarancin jini ga mai ciki ba wasa ba ne, musamman ranar haihuwa. Ki koma wurin awon ki faɗa. Suna iya canza miki nau'i, ko su ce ki riƙa tsallake rana ɗaya, ko su haɗa miki da laktulos mai tausasa bayan gida. Ki ƙara ruwa, zogale, wake, gwanda, ki ɗan taka. Jiƙon da ba a san me ke cikinsa ba kuwa, mai ciki ta bar shi.

Samari ma ba ku tsira ba. Tiramol da kodin suna kashe motsin hanji, abinci ya daɗe a ciki, ruwansa ya tsotse. Kuma hanji ba ya sabawa, ko wata nawa aka yi ana sha. Nan kam ganye kaɗai ba ya isa, sai likita ya haɗa da maganin sakin ciki irin su sena.

In kuma Baba ne ke kuka da taurin bayan gida, duba katinsa na hawan jini. Berafamil ya yi suna a wannan, domin yadda yake sassauta jijiyoyin jini haka yake sassauta hanji. Kar ya daina sha da kansa, jininsa zai iya hawa. A raka shi wurin likita da kwalin maganin a hannu.