Haɗin wutsiyar kurciya a kusurwar aljihun tebur

Aljihun tebur yana shan ja kullum, shi ya sa kafintoci suke haɗa kusurwarsa da haƙora masu faɗi a baki, siriri a gindi, kamar wutsiyar kurciya. Ana yanka su a katakon gefe, don ja ya ƙara matse su.

Da farko ana zaga bakin katakon da layi daidai kaurin abokin haɗinsa. Wuƙa ta fi fensir a nan, domin tana yanke zaren itacen, kurfi kuma ya sami wurin zama. Sai a zana haƙoran da karkata 1 cikin 8 a katako mai tauri kamar maɗaci, 1 cikin 6 a mai taushi. Karkatar da ta wuce haka tana sa gefen haƙori ya ɓalle.

Zarto mai ƙananan haƙora yana bin gefen layin ta ɓangaren da za a zubar, ya tsaya cak a layin gindi. Bayan an cire tsakanin da kurfi, ana ɗora katakon a bakin na gaba a zana ramukan daga jikinsa, ba da ma'auni ba. Idan zarto ya ci layin, haɗin zai yi sako-sako. Idan ya matse har sai an buga da ƙarfi, katakon gaba yana iya tsagewa.