Abin da Likitan Haƙori Ke Rubutawa a Katinki

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar likitan haƙori ya san cewa bayan an gama leƙa baki, likita yakan koma tebur ya duƙufa yana rubutu, mara lafiya kuwa yana zaune riƙe da kunci, ya ƙagara a sallame shi. Wannan rubutun shi ne zai yi magana a ranar da likitan ba ya nan. A manyan asibitocinmu ba lallai ne wanda ya duba mutum yau ya zama shi zai duba shi mako mai zuwa ba, kuma na biyun ba shi da abin dogaro sai abin da na farko ya bari a fayil. A Najeriya da Turanci ake rubuta shi, a Nijar da Faransanci, amma ƙashin bayansa ɗaya ne: ƙorafin mara lafiya, abin da aka gani, cutar da aka gano, da abin da za a yi. Wani likita Ba'amurke, Lawrence Weed, shi ya yaɗa irin wannan jeri a shekarun 1960, kuma hikimarsa ita ce kada ɗayan huɗun ya shiga gonar ɗan'uwansa.

Mu ƙaddara wata mata mai shekara 34 ta zo asibiti da safe, ba ta yi barci ba. Likita ya tambaye ta: "Hajiya, me ke tafe da ke?" Ta ɗora yatsa a kuncinta na hagu, ta can sama, ta ce haƙorin sama ne ke mata zogi, a cire mata shi ta huta.

Layin farko na rubutu nata ne, kuma da kalmominta ake so a sa shi: "zogi a haƙorin sama na hagu, yana hana ni barci." Likitan da ya yi gaggawar rubuta sunan wata cuta a wannan layi ya riga ya yanke hukunci kafin ya duba, kuma duk wanda ya karanta daga baya zai ɗauka an tabbatar. Bayan wannan sai tarihin ciwon. Ta ce kwana biyar ke nan. Da farko sai ta sha ruwan sanyi take jin tsami, yanzu kuwa haka kawai yake tashi, ya fi tsanani in ta kwanta, yana harbawa har kunne, kuma farasitamol ba ya riƙe shi sai na ɗan lokaci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da aikin da zai yi nan gaba. Ciwon da ke zuwa da sanyi ya wuce nan take labarinsa daban ne da wanda ke tashi da kansa cikin dare, don haka "ciwon haƙori kwana biyar" kaɗai bai isa ba.

Akwai kuma tambayoyin da marasa lafiya kan ga kamar ba su shafi haƙori ba: hawan jini, ciwon suga, sikila, juna biyu, maganin tsinka jini, da ko wani magani irin su fenisilin ya taɓa yi wa jiki illa. Matar nan ta ce tana da gyambon ciki. Wannan kalma ɗaya ta canja takardar maganinta, domin ibufurofen da danginsa, waɗanda aka fi ba mai ciwon haƙori, suna iya tayar da gyambon har ya yi jini. Inda ta ce babu, shi ma a rubuta "babu". Gurbin da aka bari fili ba ya nuna ko an tambaya an ce babu, ko kuwa ba a tambaya ba sam.

Sashe na biyu na likita ne, kuma abin da ido ya gani, hannu ya taɓa ko na'ura ta auna kaɗai ke shigarsa. Ana farawa daga waje: fuska ba kumburi, babu ƙaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi, baki yana buɗewa sosai, ba zazzaɓi. Sannan a shiga ciki, a dubi harshe, ganɗa da dasashi kafin a kai ga haƙora.

A nan ne lamba ke shigowa, kuma ya kamata mai karatu ya fahimce ta, domin tana iya zama bambanci tsakanin cire haƙorin da ya lalace da cire lafiyayye. A tsarin da ƙungiyar likitocin haƙori ta duniya ta amince da shi, an raba bakin babba gida huɗu: 1 sama dama, 2 sama hagu, 3 ƙasa hagu, 4 ƙasa dama, kuma dama da hagun na mara lafiya ne, ba na likitan da ke fuskantarsa ba. A kowane gida ana ƙirga haƙora daga 1 a tsakiyar gaba zuwa 8 a can ƙurya. Haƙori 36 ke nan shi ne turmi na farko a ƙasa ta hagu, kuma "uku, shida" ake karanta shi. Haƙoran yara guda 20 suna ɗaukar gidaje 5 zuwa 8. Amma a Amurka ƙirga suke yi daga 1 zuwa 32 a jere, har ya zama 16 a wurinsu haƙorin ƙurya ne na sama ta hagu, alhali a ɗaya tsarin 16 turmi ne na sama ta dama. Likitoci da yawa da suka bi tafarkin horon Birtaniya kuma wata 'yar kusurwa suke zanawa su sa lamba a ciki. Saboda haka likita mai hattara, musamman in zai tura mutum wani asibiti, yakan rubuta lambar sannan ya bi ta da kalmomi.

Likitanmu ya duba haƙoran sama na hagu, inda matar ta nuna, ya same su lafiya: ba kogo, ba tsagewa. Wannan ma sai ya rubuta, haƙori bayan haƙori. A ƙasa ne ya tarar da kogo mai zurfi a 36, ta gefen da ke jingine da haƙorin bayansa. Ya ɗora auduga mai tsananin sanyi a kan 26 na sama, ta ji sanyin ya wuce nan take. Haka ma 46, takwaran 36 na ɗaya ɓangaren. Da ya ɗora a 36 sai ta zabura, zogin bai lafa ba sai bayan kusan daƙiƙa 40, kuma ta ce shi ne ainihin ciwon da ke hana ta barci. Ya ƙwanƙwasa haƙorin da gindin madubi, ba ta ji zafi ba. Haƙorin ba ya girgiza, zurfin aljihun dasashi a kewayensa bai wuce milimita 3 ba, wanda ke cikin iyakar lafiya. Hoton eksire ya nuna ruɓar ta kai dab da ɗakin jijiya, ƙashin da ke ƙarshen saiwoyin kuma bai nuna canji ba.

A lura da abin da ya sa rubutun ya yi ƙarfi. Bai ce "haƙori yana jin sanyi sosai" ba. Ya faɗi tsawon daƙiƙoƙin, ya kuma faɗi haƙoran da ya gwada da su. Ya rubuta abin da bai samu ba kamar yadda ya rubuta wanda ya samu. Idan matar ta dawo bayan kwana uku da kumburarriyar fuska, wanda ya karɓe ta zai san cewa kumburin sabo ne. A ganina wannan ne wurin da rubutun da aka yi a gaggauce ya fi gazawa: mai rubutu yana ganin abin da babu bai cancanci tawada ba.

To me ya sa ta nuna sama alhali cutar na ƙasa? Jijiyar cikin haƙori ba ta iya faɗa wa ƙwaƙwalwa takamaiman wurin da zafi ya fito, kuma haƙoran sama da na ƙasa rassa ne na babbar jijiya ɗaya a kowane ɓangaren fuska. Shi ya sa zogi kan yi tsalle daga ƙasa zuwa sama ko zuwa kunne a ɓangare guda, amma ba kasafai yake tsallakawa ɗaya ɓangaren ba. Matar ba ƙarya ta yi ba. Da a ce ƙorafinta ne aka ɗauka a matsayin bincike, da lafiyayyen haƙori ya tafi, ciwon kuma yana nan.

Layin cuta gajere ne: haƙori 36, kumburin jijiyar ciki wanda ba zai warke da kansa ba, sakamakon ruɓa, kewayen saiwa lafiya. "Ciwon haƙori" ba sunan cuta ba ne, maimaita ƙorafi ne. Ma'aunin kyawun wannan layi shi ne kowace kalma a cikinsa ta sami madogara a sama: zogin dare da sanyin da ya daɗe su ne hujjar rabin farko, ƙwanƙwasa da hoto su ne hujjar na biyu. In likita bai tabbata ba, ya rubuta cewa zato ne, ya ambaci abin da zai yi ya tabbatar.

Sai shirin magani. Ciko kawai ba zai yi a nan ba, domin jijiyar ta riga ta wuce gyara. Hanya biyu ce: a wanke saiwar, wato a fitar da jijiyar a tsabtace magudanan a toshe su, daga baya a sa wa haƙorin hula, ko kuma a cire shi. Likita ya ba da shawarar ta farko, ya bayyana cewa za ta zo fiye da sau ɗaya kuma ta fi tsada. Matar ta ce garinsu da nisa, kuɗin ma ba za ta iya ba, a cire. Dole rubutu ya nuna duka: an gabatar mata da hanyoyin biyu, an faɗa mata cewa giɓin zai iya sa maƙwabtan haƙorin su karkata, an faɗa mata hatsarin cirewa, ta fahimta, ta zaɓa, ta sa hannu ko ta dangwala. In da tafinta aka yi magana, a rubuta hakan. Ya kuma rubuta cewa ba a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da dalilinsa: ba kumburi, ba mugunya, ba zazzaɓi, kuma irin wannan magani ba ya kwantar da zogin jijiyar haƙori.

Abin da aka shirya daban, abin da aka yi daban. Bayan aiki sai ya ƙara: allurar lidoken kashi 2 cikin ɗari haɗe da adiranalin, kwalba nawa, a wane gefe, an cire 36, saiwoyi biyu sun fita cikakku, jini ya tsaya kafin ta tashi. An ba ta farasitamol, an hana ta ibufurofen saboda gyambon ciki. An ce ta ciza auduga na rabin awa, kada ta kuskure baki sai bayan awa 24, daga nan ta riƙa yi da ruwan ɗumi da gishiri, ta dawo in zogi ya tsananta bayan kwana biyu zuwa huɗu, lokacin da ramin kan rasa gudan jininsa ya bushe. Sauran ƙananan koguna biyu da aka gani an sa musu ranar ciko.

A ƙarshen shafi akwai kwanan wata, lokaci, sunan likita yadda za a iya karantawa, da sa hannunsa. In aka yi kuskure, misali aka rubuta 46 maimakon 36, layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya ganin na farkon, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. Ba a gogewa, ba a shafa farin fenti. Abin da aka tuna washegari kuma sabon rubutu ake yi masa da kwanan watan ranar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ta wajabta wa asibitoci ajiye bayanan marasa lafiya da kare sirrinsu. Wanda za a tura wani asibiti yana iya neman takardar da ke ɗauke da lambar haƙorin, cutar da aka gano, magungunan da aka ba shi da hoton da aka ɗauka, ya tafi da su.