Kafin Ka Biya Haraji Ta Intanet, Karanta Layukan Nan Uku

Tun da hukumar tara haraji ta tarayya, wadda a lokacin ake kira FIRS, ta buɗe shafin TaxPro-Max a watan Yunin 2021, harkar harajin kamfanoni a Nijeriya ta tashi daga kan takarda ta koma kan waya da kwamfuta. Daga farkon 2026 sunan hukumar ya koma NRS, kuma sababbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 suka fara aiki. Fasalin shafi yakan canza, amma duk wanda ya gama cike bayanansa zai iske abubuwa uku suna jiransa: asalin harajin da aka lissafa masa, tarar da aka ɗora masa in akwai, da lambar da zai biya da ita.

Yawancin mutane jimillar da ke can ƙasa kawai suke kallo, su yi salati, su nufi banki. Alhali jimillar nan basussuka ne daban-daban aka tara wuri guda, kowanne da dalilinsa, kowanne kuma da hanyar gane ko daidai yake.

Mu ɗauki misalin wani kamfani mai sayar da fenti da tayil a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, wanda cinikinsa ya wuce na ƙananan 'yan kasuwar da doka ta ɗauke wa harajin VAT. A watan Maris ya sayar da kayan naira miliyan 20, kafin a ɗora haraji. VAT kashi 7.5 ne cikin ɗari, saboda haka ya karɓi naira 1,500,000 daga hannun masu saye. Wannan kuɗi ba nasa ba ne, amana ce ya riƙe wa gwamnati. To amma shi ma da ya je sari ya biya irin wannan haraji: ya saro kayan miliyan 12, an caje shi naira 900,000. Doka ta yarda ya cire abin da ya biya daga abin da ya karɓa. Ragowar naira 600,000 ke nan, kuma ita ya kamata ya gani a layin farko, inda ake nuna asalin harajin.

Abin lura a nan shi ne, a mafi yawan lokuta ba wani jami'i ne ya zauna ya yanka wannan adadi ba. Mai kamfanin, ko akantansa, shi ya shigar da alƙaluman, na'ura kuma ta yi lissafi da abin da aka ba ta. Don haka in adadin ya zo ba yadda ake zato ba, littafin ciniki za a fara buɗewa. Girman kuskuren yakan tona inda ya fito. In mai fentin nan ya ga 1,500,000 cif, ya san ba a cire masa abin da ya biya wajen sari ba, ko dai ba a shigar ba, ko kuma shafin bai amince da takardun sarin ba. In ya ga kuɗi sun ninka fiye da sau ashirin, to sifili ne ya ƙaru wajen rubuta ciniki. In kuma ya ga bambancin dubu ɗari da 'yan kai, mai yiwuwa an rubuta cinikin haɗe da harajinsa, wato 21,500,000 maimakon miliyan 20, sai na'ura ta sake ɗora haraji a kan haraji.

Akwai kuma lokacin da hukumar ce da kanta take yanka adadin. Hakan na faruwa idan mutum bai cike bayanansa ba sam, ko an binciki littattafansa an ga bai faɗi duka ba. A nan sai ta ƙiyasta bisa abin da ya bayyana gare ta, ta aiko da sanarwa. Wanda bai yarda ba yana da kwana 30 daga ranar da sanarwar ta iso masa ya rubuta ƙorafi, ya faɗi dalilansa da adadin da shi yake ganin daidai ne. In suka kasa daidaitawa, akwai kotun sauraron ƙararrakin haraji. In kuwa ya yi shiru har kwanakin suka cika, adadin ya zauna daram, ko da ya fi ƙarfin gaskiya. Shi ya sa tambayar farko da ya kamata mutum ya yi wa layin farko ita ce: wannan lissafina ne, ko na hukuma?

Layi na biyu, wanda aka saba rubutawa Penalty, shi ya fi tayar da hankali, domin laifi biyu ne mabambanta suke haifar da shi, kuma mutane kan ɗauke su abu guda. Na ɗaya shi ne jinkirin miƙa bayanai, na biyu jinkirin biyan kuɗi.

Bayanan VAT na kowane wata ana miƙa su ne zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. Na Maris ke nan zuwa 21 ga Afrilu. Mu ƙaddara akantan mai fenti bai waiwayi shafin ba sai 28 ga Mayu. A sabuwar doka, tarar rashin miƙa bayanai naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 a kowane watan da ya biyo baya. Tun da jinkirin ya shiga wata na biyu, an tashi da 150,000. Wannan tara ba ruwanta da yawan harajin da ake bin mutum. Ko da shagon a rufe yake duk watan, ko kwabo bai shigo ba, kamfanin da ke cikin tsarin VAT wajibi ne ya shiga ya nuna cewa bai yi ciniki ba. Da yawa sai ranar da suka zo neman takardar shaidar biyan haraji don wata kwangila suke iske tarar watannin da ba su sayar da komai ba ta taru tana jiransu.

Tarar jinkirin biya kuwa da girman bashin take tafiya: kashi 10 cikin ɗari na harajin da ba a biya kan lokaci ba. A kan 600,000, naira 60,000 ke nan. Bayan ita sai kuɗin ruwa, da kan fito a layin Interest, wanda ake dangantawa da ma'aunin ruwan Babban Bankin Nijeriya, a ɗora wani abu a kai. Ma'aunin yakan sauya, amma don a ga yadda lissafin yake, mu ƙaddara kashi 30 ne a shekara. A kan 600,000 ya kama naira 180,000 a shekara, wato wajen naira 493 kowace rana. Daga 22 ga Afrilu zuwa 28 ga Mayu kwana 37 ne, ruwan ya kai kusan 18,250.

Idan aka haɗa duka, bashin 600,000 ya zama wajen naira 828,250. Cikin ƙarin nan na dubu 228 da ɗoriya, dubu 150 ba rashin kuɗi ne ya jawo su ba, rashin zama a cike bayanai ne. Da mai fentin ya miƙa bayanansa ranar 21 ga Afrilu, ko da aljihunsa babu abin biya a lokacin, da abin da zai hau kansa bai kai dubu 80 ba. Darasin a fili yake: in kuɗi sun yanke, kada a haɗa da ƙin cikewa.

Haka nan akwai hanyar gane wace tara ce mutum yake kallo. In adadin dunƙulalle ne, 100,000 ko 150,000 ko 200,000, ta jinkirin bayanai ce, sai a ƙirga watanni a gani ko sun yi daidai. In ya yi daidai da kashi ɗaya cikin goma na layin farko, ta jinkirin biya ce. In kuwa mutum ya tabbata ya cike kan lokaci amma ga tara, ya duba watan da aka rubuta a saman shafin. Sau da yawa wani tsohon wata ne da aka tsallake ya biyo shi.

Sai layi na uku, lambar biya. Shafin kan kira ta Payment Reference Number, a taƙaice PRN, kuma in ta hanyar Remita za a biya, ana samun lambar RRR mai alƙalami 12. Aikinta kamar na alamar da direban tasha ke rubutawa a jikin buhun saƙo ne: kaya sun shiga mota, amma alamar ce ke nuna mai su. Kuɗin dubban mutane suna faɗawa asusun gwamnati kowace rana, kuma lambar ce ke shaida wa na'ura cewa wannan kuɗi na kamfani kaza ne, na haraji iri kaza, na wata kaza. Ba ita ce lambar TIN ba. TIN ta mai biyan haraji ce, ba ta canzawa, ita kuwa lambar biya ta bashi guda ce, in an biya ta gama aiki.

A nan ne ake yawan yin asara ba tare da an sani ba. Wani yakan ɗauko lambar watan jiya daga hoton da ya ajiye a waya. Wani yakan fitar da lamba sau biyu don intanet ta tsaya, ya biya duka biyun. Wani kuma yakan biya VAT da lambar da aka fitar don harajin ribar kamfani, kuɗi su fita daga asusunsa, amma bashin VAT na nan a buɗe, ruwa na ci gaba da hawa. Gyara irin wannan sai da wasiƙa da zirga-zirgar ofis.

Maganinsa bai wuce minti ɗaya ba. Idan aka shigar da lambar a manhajar banki, ko ma'aikacin banki ya buga ta, bayanai sukan fito kafin a tura kuɗi. A duba sunan kamfani, da irin harajin, da adadin, a gwada su da abin da ke shafin. In lambar ta kwana biyu da fitarwa, a koma a duba ko jimillar ta motsa, tun da ruwa bai tsaya ba. Kuma duk wanda ya ce a tura kuɗin haraji asusunsa shi zai ƙarasa, ko da wakilin da aka saba da shi ne, a ce masa ya turo lambar, mai kuɗi ya biya da hannunsa.

Saƙon cire kuɗi da banki ke turowa ba shi ne shaida ba. Bayan biya, a koma shafin a tabbatar bashin watan ya nuna an biya, a sauke rasit ɗin hukumar, a ajiye shi tare da na banki. In kwanaki sun wuce bashin bai goge ba, kada a sake biya. A ɗauki lambar da rasit ɗin banki a kai ofishin harajin da ke riƙe da fayil ɗin kamfanin, domin da wannan lambar kaɗai za su iya bin sawun kuɗin.